Taswirar Zirga-zirgar Marasa Lafiya a Asibitinmu: Daga Ƙofa Zuwa Sallama

Bugu na 3, Yuni 2025. Daga jami'ar da ke kula da asibiti, zuwa ga duk ma'aikata, har da mai gadi da mai shara.

Wannan bugun ya maye gurbin wanda ke manne a bangon ɗakin kati. Babban abin da ya canza shi ne tambayar gaggawa ta dawo gaban kati. A tsohuwar taswira sai mutum ya yanki kati kafin a dube shi, har a daminar bara wata uwa ta bi layi da yaro yana jijjiga a goye, don kibiyar bango can ta nuna mata. Laifin zanen ne, ba nata ba.

ALAMOMIN DA MUKE AMFANI DA SU

Ba mu muka ƙirƙiro su ba. Yawancinsu daga ƙa'idar ISO 5807 ta 1985 suke, don haka duk ma'aikacin da aka turo mana daga wani wuri zai karanta ba tare da an yi masa bayani ba.

Ƙwai: farko ko ƙarshe. Ƙwan shigowa ɗaya ne tak. Na fita kuwa biyu ne, gida ko babban asibiti.

Akwati mai kusurwa huɗu: aikin da ma'aikaci zai yi. Umarni ake rubutawa a ciki, kamar "auna" ko "ɗauko".

Daiman, wato akwatin da aka tsayar a kan kusurwarsa: tambaya. Amsarta E ko A'a, babu ta uku. In ka ga tambayarka na neman amsa uku, to tambayoyi biyu ne ka cusa a daiman ɗaya, raba su.

Karkataccen akwati: bayanin da ake shigarwa a rajista ko a kati.

Takarda, wato akwati mai lanƙwasa a gindi: duk takardar da ke barin hannun wani zuwa hannun wani.

Akwati mai layi biyu a kowane gefe: aikin da ke da nasa tsarin daban, kamar awon ciki. Ba a warware shi a nan.

Siffar harafin D: jira. Wannan daga taswirar masana'antu aka aro ta, kuma na bar ta da gangan don mu riƙa ganin inda mutane ke zama.

Ƙaramar da'ira da harafi: mahaɗa a shafi ɗaya. Mai kusurwa biyar da tsininta ke kallon ƙasa: mahaɗa zuwa wani shafi. Haruffanmu su ne G gaggawa, K keɓewa, M mata masu ciki, R rigakafi da allura, T turawa, J komawa wurin jami'i. Ba a sa E a mahaɗa, don kada a ɗauka amsa ce.

SHAFI NA 1: BABBAR HANYA

1. Ƙwai: Mara lafiya ya shigo ƙofa. Zuwa 2.

2. Daiman: Akwai alamar gaggawa? E, zuwa G. A'a, zuwa 3.
A gefen daiman a rubuta: numfashi da ƙyar ko shaƙewa, jijjiga, suma, zubar jini mai yawa, sarar maciji, ƙuna ko haɗari mai tsanani, yaron da ya kasa sha ko kama nono, ko yake amayar da komai, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, naƙuda, mai ciki da ke zubar jini. Wannan da ido da tambaya ɗaya ake gane shi, ba a jiran na'ura. Duk wanda ya fara ganin mutumin shi ke da wannan daiman, ko da mai gadi ne. In kana shakka, amsar E ce.

3. Daiman: Ana zargin cuta mai yaɗuwa? E, zuwa K. A'a, zuwa 4.
Tari na mako 2 ko fiye, zazzaɓi da ƙuraje irin na ƙyanda, gudawa tsululu kamar ruwan shinkafa, zazzaɓi tare da zubar jini ta hanci ko dasashi.

4. Daiman: Sabon zuwa ne? E, zuwa 5. A'a, zuwa 6.

5. Karkataccen akwati: Rubuta suna, shekaru, unguwa da lambar kati a rajista. Zuwa 7.

6. Akwati: Ɗauko fayil da lambar kati. Zuwa 7. Wanda ya ɓatar da katinsa a duba rajista, kada a buɗe masa fayil na biyu.

7. Akwati: Auna zafin jiki, nauyi da bugun jini. Babba a ƙara hawan jini. Yaro ɗan ƙasa da shekara 5 a ƙirga numfashinsa minti ɗaya cur, daga wata 6 kuma a auna damtse. Zuwa 8.

8. Daiman: Awo ya nuna haɗarin da ido bai gani ba? E, zuwa G. A'a, zuwa 9.
Jariri ɗan ƙasa da wata 2 mai numfashi 60 ko fiye a minti, yaro mai lotsawar ƙirji tare da kasa sha, mai ciki da hawan jininta ya kai 160/110.

9. Daiman: Mai ciki ce ta zo awo? E, zuwa M. A'a, zuwa 10.

10. Daiman: Rigakafi, allura ko wankin ciwo kaɗai ya kawo shi? E, zuwa R. A'a, zuwa 11.

11. Daiman: Yana cikin masu fifiko? E, zuwa 12. A'a, zuwa 13.
Duk jariri ɗan ƙasa da wata 2. Numfashi 50 ko fiye daga wata 2 zuwa 11, ko 40 ko fiye daga shekara 1 zuwa ƙasa da 5. Damtse ƙasa da santimita 11.5 ko kumburin ƙafa biyu. Tafin hannu ya yi fari fat. Tsoho tukuf da ba zai iya dogon zama ba. Sanayya ba ta cikin wannan jeri, haka ma "daga gidan wane aka turo ni".

12. D: Jira a bencin rawaya. Zuwa 14.

13. D: Jira a koren benci, kowa da layinsa. Zuwa 14. Nas ta leƙa bencin nan duk rabin awa. Wanda jikinsa ya rikice yana zaune, ba ya komawa ƙofa, G kai tsaye.

14. Akwati: Jami'in lafiya ya ji bayani, ya duba. Da'irar J tana shigowa nan. Zuwa 15.

15. Daiman: Ana buƙatar gwaji? E, zuwa 16. A'a, zuwa 18.

16. Akwati: Yi gwaji. Zuwa 17. Duk mai zazzaɓi a yi masa gwajin maleriya kafin magani, a karanta tsinken a lokacin da kwalinsa ya ce, ba gabaninsa ba.

17. Takarda: Sakamakon gwaji. Zuwa J. Mai sakamako ba ya sake bin layi, shi ke shiga da zarar na ciki ya fito. Ba kuma daga ɗakin gwaji ake wucewa ɗakin magani ba. Wannan gajeriyar hanyar babu ita a taswira, kada a buɗe ta da ƙafa.

18. Daiman: Ciwon ya fi ƙarfin asibitinmu? E, zuwa T. A'a, zuwa 19.

19. Takarda: Takardar magani. Zuwa 20.

20. Akwati: Ba da magani, ka sa shi ya maimaita maka yadda zai sha. Zuwa 21.

21. Karkataccen akwati: Rubuta ciwo, magani da ranar dawowa, a mayar da fayil. Zuwa 22.

22. Ƙwai: Ya tafi gida.

SHAFI NA 2: HANYOYIN GEFE

G1. Daiman: Naƙuda ce ko zubar jinin mai ciki? E, zuwa G2. A'a, zuwa G3.
G2. Akwati mai layi biyu: Ɗakin haihuwa, hannun ungozoma. Zuwa G4.
G3. Akwati: Kwantar a gadon gaggawa, kira jami'i, fara taimakon farko. Zuwa G4. Kati yana biyo mara lafiya har gado, mai kati ne zai taso.
G4. Daiman: Yana buƙatar babban asibiti? E, zuwa T. A'a, zuwa G5.
G5. Akwati: Kwantar a ɗakin hutu, a sake awo kafin sallama. Zuwa 19 a shafi na 1.

K1. Akwati: Ba mai tari takunkumi, a kai shi rumfar baya mai iska. Ma'aikaci ya sa safar hannu. Zuwa K2.
K2. Akwati: A yi kati, awo da dubawa a can. Zuwa K3.
K3. Takarda: Cike fom ɗin sanarwa ga jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, in cutar na cikin jerin. Zuwa 15.

M1. Akwati mai layi biyu: Awon ciki. R1. Akwati mai layi biyu: Ɗakin allura da rigakafi. Su biyun suna fita zuwa 21. In ungozoma ta ga hawan jini 140/90 ko wata damuwa, sai J.

T1. Akwati: Ba da maganin kafin tafiya bisa umarnin jami'i. T2. Takarda: Takardar turawa kwafi biyu, ɗaya ta bi shi, ɗaya ta zauna a fayil. T3. Akwati: Kira babban asibiti, a samo abin hawa. T4. Ƙwai: An tura shi.

ƘA'IDOJIN ZANE

Babbar hanya daga sama take zuwa ƙasa, a miƙe a tsakiyar takarda. Reshe yana fita dama. Ko da mun saba da ajami, zanen nan hagu zuwa dama ake karanta shi.

A kowane daiman E dama take fita, A'a ƙasa, kuma a rubuta kalmar a jikin kibiya. Wannan ce ƙa'idar da aka fi karyawa. Shi ya sa lamba 4 take cewa "Sabon zuwa ne?" a maimakon "Yana da kati?". In amsar ta ƙi zama inda ya kamata, tambayar ake juyawa, ba kibiya ba. Ma'aikacin dare da barci a idonsa ba karatu yake yi ba, hanya kawai yake bi.

Kibiya ɗaya ke fita daga akwati, biyu daga daiman. Kibiyoyi a tsaye ko a kwance suke tafiya, ba a karkace ba, kowacce da kai ɗaya. Ba sa gitta juna. Inda za su gitta, ko inda hanya za ta koma sama kamar daga 17 zuwa 14, a sa mahaɗa. Duk harafin da ya fita dole a sami ɗan'uwansa da ya shiga.

Rubutun cikin alama kada ya wuce kalma shida ko bakwai. Dogon bayani irin na 2, 8 da 11 a gefe yake zama cikin baka, da ɗigo-ɗigon layi zuwa alamarsa. Alamomi iri ɗaya girmansu ɗaya, tazara ɗaya. Lamba a kusurwar sama ta hagu.

Ja ga hanyar G, rawaya ga 12, kore ga 13, irin launin bencinan. Amma kada ma'ana ta dogara da launi kaɗai, tunda injin kwafin da ke bakin tasha baƙi da fari yake fitarwa.

Ta bango a kan A3, kwafi huɗu: ƙofa, ɗakin kati, ɗakin jami'i, ɗakin haihuwa. A gindin kowane shafi a sa lambar bugu da wata. Ba a gyara taswirar bango da biro. Mai gyara ya kawo shi taron ƙarshen wata, mu bi hanyar da yatsa daga 1 har ƙwan fita da marasa lafiya uku na misali, yaro mai jijjiga, mai ciki da ta zo awo, da dattijo mai tari, sannan a buga sabuwa a cire tsohuwar a rana ɗaya.