Wasiƙar neman rasit na kuɗin haya

Unguwar Mabera, Sakkwato
3 ga Oktoba

Assalamu alaikum, Alhaji.

Barka da war haka, ya iyali? Allah ya ƙara girma.

Na rubuto ne kan kuɗin hayar ɗaki da falon da nake ciki, naira 180,000 a shekara. Na kawo maka 80,000 hannu da hannu a watan Maris, sannan a Yuli na aiko yaronka da 60,000. Saura 40,000, da zan cika ƙarshen Disamba in Allah ya so.

Don Allah a rubuta mini rasit mai nuna kowane biya da ranarsa, da abin da ya rage, da sa hannunka. Amana na nan tsakaninmu, Alhaji, sai dai rai na hannun Allah, kuma Alƙur'ani ya ce a rubuta bashi.

Na gode ƙwarai.

Ɗan hayarka,
Malam Bello