Sallama Daga Malamin Lissafi

Assalamu alaikum.

Ranar Juma'ar nan zan miƙa makullin kabad ɗin lissafi ga Malama Hauwa, daga nan kuma na ajiye alli. Shekara 35 ke nan ina koyarwa, 27 daga ciki a wannan makaranta tamu ta Haɗejiya. Gwamnatin Kano ce ta ɗauke ni aiki a 1990, ina ɗan NCE mai keke. Da aka ƙirƙiro Jigawa a watan Agustan 1991 sai muka wayi gari ma'aikatan wata jihar, aji dai bai canja ba, allo ma shi ne.

Na ji ana shirin tara kuɗin walima. Don Allah a bari. Idan an riga an tara, tagogin SS 2B biyu babu marfi tun hunturun bara, yaran layin baya da hannu cikin riga suke rubutu. Kafinta ya ce aikin yini ɗaya ne.

Ina bin mutane godiya? A'a, su suke bi na. Baba Sabo mai gadi ya fi kowa. Lokacin da nake darasin Asabar na 'yan WAEC da NECO, shi yake buɗe ƙofa ƙarfe bakwai, ba a taɓa ƙara masa ko sisi a kan haka ba, ni ma goro kawai nake kawo masa. Inna mai ƙosai ta bakin ƙofa ta ba ni bashi a watannin da albashi ya yi nawa, ba ta taɓa tuna mini a gaban ɗalibai ba. Na biya, Inna, kowa ya shaida. Abokan aiki kuwa, musamman waɗanda muka kwashe rajista da takardun sakamako a ka lokacin ambaliyar 2022, ruwa har gwiwa, Allah Ya saka da alheri. Shugabannin makaranta bakwai na yi aiki da su. Biyar mun zauna lafiya.

Sai neman gafara. A shekarun farko na yi duka fiye da kima, haka muka taso muka gani, amma wannan ba hujja ba ce. Akwai yaron da na zane a 1999 saboda makara uku a jere. Daga baya na ji ashe kullum sai ya kai kifin babansa kasuwa bayan asuba kafin ya taho a ƙasa. Ban tambaye shi ba, shi ma bai faɗa ba. Yanzu magidanci ne, in mun haɗu har ƙasa yake gaishe ni, abin da ya fi bulalar ciwo ke nan. Shi da duk wanda na yi wa irin haka, ku yafe mini. Amma wanda na ba sifili don ya kwafa daga maƙwabcinsa, wannan kam ba na neman gafararsa, ko yau ya dawo sifili ne.

Malama Hauwa, ga abin da zan bar miki. 'Yan SS 1 na bana ba algebra ce matsalarsu ba, jadawalin sau ne. Ki ba shi minti 10 a farkon kowane darasi har ƙarshen zango, ko manhaja ta jira. Yarinyar da ke zama kusa da ƙofa a SS 2A ba rashin ji ne da ita ba, allo ne ba ta gani, na faɗa wa mahaifinta sau biyu, ki ƙara na uku. Tsofaffin takardun jarrabawa tun na 2000, shekarar da aka fara NECO, suna cikin kwalin ƙasa, gara ta ɗan taɓa gefe. Babban kamfas na katako kuma nawa ne, da kuɗina na saya a Kano, amma na bar wa makaranta.

Tsofaffin ɗalibai, na ga saƙonninku, na gode. Wasu suna cewa ni na yi su. Ku rage. Aji mai mutum 90 na koyar, abu ɗaya kowa ya ji, wanda ya koma gida ya kunna fitila ya sake dubawa shi ya yi kansa. Wanda kuma yake son yi mini alheri, ya zo makarantar ya nemi Malama Hauwa, akwai yaran da kuɗin rajistar JAMB kaɗai ya tsaya musu.

Masu tambayar me zan yi: ina da 'yar gonar shinkafa a hanyar Auyo wadda na daɗe ina bar wa ƙanena, yanzu zan ga ko da gaske yake yi da ya ce ba ta bayar da komai. Gidana bai tashi ba. Mai littafina a hannunsa, musamman wanda ya ari jan littafin geometry tun kafin korona, ya san kansa, ya kawo kafin Juma'a.

'Yan adashi, zubina na wannan wata yana wurin Malam Isa.

Malam Garba Mai Lissafi