Yarjejeniyar Adashinmu: Ka'idojin Zubi, Kwasa da Makara

Mu 'yan wannan adashi mu 14 ne, hannu kuma 12: mata 10 kowace da cikakken hannu, 4 kuma sun haɗu biyu-biyu a kan hannu ɗaya. Zubin kowane hannu dubu 20 ne a wata, kwasa kuma dubu 240. Za mu fara a Janairu mu kammala a Disamba. Mun rubuta wannan takarda ne tun ba a zuba ko sisi ba, domin yanzu ne kowa ke iya faɗin gaskiya ba tare da an ce da wata take ba. Ba rashin yarda ya sa muka rubuta ba. Mun san juna, kuma muna so mu rabu a Disamba muna gaisawa kamar yadda muka haɗu.

Masu riƙe da aiki

Uwar adashi ita ke karɓar zubi ta miƙa wa mai kwasa. Magatakarda ita ke riƙe da littafi, kuma ba ta taɓa kuɗi. Akwai mai duba littafi, wadda za ta gwada abin da aka rubuta da abin da ya shigo hannu kafin a miƙa kowace kwasa. Ba a haɗa biyu daga cikin ayyukan nan a hannun mutum ɗaya, ba a kuma ba 'yan gida ɗaya. Uwar adashi ta amince ita ce za ta kwasa a ƙarshe, a Disamba, kuma ba ta cire ladan komai.

Ranar zubi da yadda ake rubuta shi

Ranar zubi 5 ga wata ce, kuma a zaman ranar ake miƙa kwasa a gaban kowa. Kuɗin adashi ba ya kwana a hannun uwar adashi, sai dai wanda aka turo mata ta banki kafin ranar.

Littafinmu mai ɗinki ne, an sa wa kowane shafi lamba don kada a yage ɗaya ba a sani ba. Kowane wata da shafinsa: suna, adadin da aka zuba, kwanan wata, sa hannun mai zubi ko dangwalen yatsarta, da sa hannun magatakarda. Da biro ake rubutu. In an yi kuskure, a ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta abin da ke ƙasa, a rubuta daidai a gefe, mutum biyu su sa hannu. Ba gogewa, ba kankarewa. Kowace mace kuma tana da ɗan katinta da za a sa mata hannu duk lokacin da ta zuba, ta tafi da shi gida. Da an tashi zama, magatakarda za ta ɗauki hoton shafin ta tura wa kowa, saboda littafi na iya jiƙewa ko ya ɓace.

Wadda ta turo ta banki ta sani cewa hoton rasit ba ya zama shaida shi kaɗai. Ba za a rubuta mata "ta zuba" ba sai uwar adashi ta ga kuɗin sun shiga asusu. Wadda ta aiko wani da kuɗi, nauyin yana kanta har sai an sa hannu a katinta. Abin da ba ya cikin littafi, a wurinmu ba a zuba shi ba, ko da kuwa an rantse.

Jerin kwasa

Ƙuri'a za a jefa a zaman farko. Sababbin shiga, waɗanda ba su taɓa kammala zagaye da mu ba, za a jefa tasu ƙuri'ar a tsakanin Satumba, Oktoba da Nuwamba. Mata biyu na iya musayar wata idan wata lalura ta taso, amma sai a gaban zama, kuma a rubuta.

Idan zubi ya makara

A nan ne adashi ya fi rushewa, shi ya sa muka fi daɗewa a kansa. Akwai bambanci babba tsakanin wadda ba ta kwasa ba da wadda ta riga ta kwasa. Ta farko, kuɗinta ne a hannunmu. Ta biyu, kuɗinmu ne a hannunta. Wadda ta kwasa a Maris ta zuba dubu 60 ne kacal, ta ɗauki dubu 240, saboda haka 'yan uwanta na bin ta dubu 180. Duk wadda ta karɓi kwasa ta tuna cewa rance ta karɓa, ba riba ta ci ba.

Don kada makarar mutum ɗaya ta tauye mai kwasa, kowane hannu zai ajiye dubu 5 a zaman farko. Jimla dubu 60 ke nan, wato zubi uku. Wannan shi ne kuɗin ko-ta-kwana. Za a sa shi a akwati mai kwaɗo biyu. Akwatin na wurin uwar adashi, makulli ɗaya na wurin magatakarda, ɗaya na wurin mai duba littafi. Ba a ranta wa kowa daga ciki, ba a yin gudummawar biki da shi. A Disamba kowa za ta karɓi nata.

Wadda ta ga ba za ta iya zubi a kan lokaci ba, ta sanar da uwar adashi kafin 3 ga wata. Babu kunya a cikin wannan. Ciwo da karayar jari ba sa sallama. Za a cike gurbinta daga akwati, ita kuma ta mayar cikin kwana 10. Ba mu sa tarar kuɗi ba, domin da yawa daga cikinmu ba su yarda da ƙari a kan rance ba. Hukuncinmu a jerin kwasa yake. Wadda ba ta kwasa ba, in ta yi shiru har ranar zubi ta wuce, ko ta haura kwana 10 ba ta mayar ba, za a ja ta baya da wata ɗaya. In ta rasa zubi biyu a jere, ta fita. Za a nemi wadda za ta sayi hannunta ta biya ta abin da ta zuba. In ba a samu ba, sai ta jira: kowace mace da ta riga ta kwasa da kuɗinta a ciki za ta mayar mata da nata a Disamba, kwasar sauran kuma za ta koma dubu 220.

Wadda ta riga ta kwasa kuwa, ba ta da hanyar fita sai ta biya saura. Saboda haka ba za a miƙa wa kowa kwasa ba sai ta zo da mai tsaya mata, wanda ba ya cikin adashin, ya ji adadin da ya rage a kanta da kunnensa, ya sa hannu a littafi. In kwana 10 suka cika ba ta biya ba, mata biyu za su same ta a gida cikin mutunci. In wani zubin ya zo ba a ga komai ba, sai a nemi mai tsaya mata. In hakan ma bai yiwu ba, zama zai yanke ko a kai magana gaban hukuma, da littafi a hannu. Ba mu yarda a yi wa kowa terere a waya ko a bainar jama'a ba, komai nauyin bashinta.

Idan Allah ya yi wa wata rasuwa, za a bari a gama makoki, sannan a zauna da magadanta a buɗe musu littafi: abin da take bi a ba su, abin da ake bin ta a yi maganarsa da su da mai tsaya mata.

Ba a sauya ko ɗaya daga cikin ka'idojin nan a tsakiyar zagaye sai hannu 9 daga cikin 12 sun amince, kuma sauyin ba ya komawa kan abin da ya riga ya faru. An karanta takardar nan da babbar murya a zaman farko, kowace ɗaya daga cikinmu ta sa hannu ko ta dangwala yatsa a shafi na 1 na littafi, kuma kowa ta karɓi kwafinta.