Bin sawun takardar neman aikin ma'ajin kaya, lamba SK/0417

Zuwa ga Shugaban Sashen Ɗaukar Ma'aikata,
Reshen Sakkwato.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan an tashi lafiya.

Na cike fom ɗin neman aikin ma'ajin kaya a shafinku ranar 3 ga Maris, aka ba ni lamba SK/0417. An rufe karɓar takardu ranar 14 ga watan, sanarwarku kuma ta ce za a tuntuɓi waɗanda aka tantance cikin mako uku. Yau mako huɗu ke nan ban samu kira ko saƙon gayyatar ganawa ba. Na duba akwatin imel ɗina har da ɓangaren Spam, babu komai. A shafin kuwa har yanzu Submitted yake nunawa, bai koma Under Review ba.

Akwai abu biyu da nake tsoron su ne suka riƙe takardar. Na farko, shafin ba ya karɓar fayil ɗin da ya wuce 2MB, takardar shaidar HND ɗina kuma ta fi haka, sai da na rage mata nauyi kafin ta shiga. Da na sake buɗe ta daga baya, na ga hatimi da sa hannun da ke ƙasa sun dushe, da ƙyar ake karanta su. Na biyu, a takardar NIN sunan mahaifina ne a gaba, a takardun makaranta kuwa nawa ne a gaba. Idan na'ura ce ke gwada sunayen kafin takarda ta iso hannun mutum, wannan kaɗai ya isa ta ajiye ta gefe. Ina da takardar rantsuwa ta kotu da ta tabbatar mutum ɗaya ne, amma fom ɗin bai ba da wurin ɗora ta ba.

Don haka na haɗo da wannan saƙo, duk a PDF, da shaidar cike fom mai ɗauke da lambata, da sabon hoton takardar HND mai fita sarai, da shaidar kammala hidimar ƙasa, da takardar rantsuwar.

Roƙona shi ne a taimaka a duba ko takarduna sun iso cikakku, a kuma sanar da ni ko an kammala tantancewa. Idan da saura, ina roƙon a sa waɗannan a madadin na farkon. Idan kuma an gama, ba ni cikin waɗanda aka zaɓa, sanin hakan ma zai amfane ni.

A Mabera nake zaune, zan iya kawo takardun asali ofishinku duk ranar aikin da kuka sa. Lambar waya da imel ɗin da na sa a fom ba su canza ba.

Na gode. Allah ya ƙara girma.

Naku,
Mai neman aikin ma'ajin kaya,
Lamba SK/0417