Jawabin tarbar sababbin matasa masu aikin sa kai, Damagaram, kafin saukar damina

Assalamu alaikum. Masu unguwanni da iyayenmu da suka rako ƴaƴansu, mun gode, Allah ya saka da alheri. Samari da ƴan mata, ƙannena, sannunku da zuwa. Na bayan can ku matso, akwai sauran wuri a kan tabarma.

Aikin da kuka zo ba baƙo ba ne a garin nan. Kakanninmu sun yi gayya, ana haɗuwa a nome gonar tsoho ko a yaɓe ɗakin gwauruwa. Iyayenmu sun yi Samariya a zamanin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, ku tambaye su irin azuzuwan da suka gina da hannunsu. Namu shi ne ci gaban wancan. Ba sintiri muke yi ba, ba mu riƙe sanda, ba mu kama kowa. Albashi kuma babu, gara ku ji tun yanzu. Akwai ruwan sha da abincin rana a ranar aiki, akwai jika ɗaya ta kabu-kabu ga wanda aka tura nesa da unguwarsa, sannan wanda ya cika wata shida zai karɓi takardar shaida. Abin da muke nema wajenku shi ne kowa ya ɗauki aiki guda, ya koye shi daidai, kuma ya koma ya duba abin da ya bari. Wannan komawar ita ce ke raba aikin da ke amfani da wanda aka yi don hoto.

Na farko, yashe magudanan ruwa, kuma shi ne mai gaggawa, don hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Kun san yadda garinmu yake: rani guda ana bin ruwa da jarka, damina ta zo ruwan ya rasa hanyar wucewa. Magudana ta toshe da yashi da leda, ruwa ya kwanta a gindin katangar ƙasa, ya jiƙa ta daga ƙasa, tsakar dare katanga ta faɗi. Wanda ya rage a kwance kuma sauro ya yi ƙwai a ciki, cikin kwana goma zuwa sati biyu sabon sauro ya tashi.

Kowane rukuni mutum goma ne: huɗu da shebur, biyu da manjagara, biyu da baro, biyu masu cika buhu. Ana farawa daga ƙasa, inda ruwan ke fita, a yi sama. Idan kuka fara daga sama, ƙazantar da kuka buɗe wa hanya za ta gangaro ta taru inda ba ku kai ba. Babban kuskuren da ake yi shi ne a tara yashin da aka fitar a bakin magudana a ce gobe za a kwashe. Bara wani rukuni a Sabon Gari ya yi wuni cur yana yasa, suka bar tsibin a gefe, da dare aka yi ruwa, da safe komai ya koma inda ya fito. Saboda haka ba a fara yasa sai an tabbatar amalanken da zai kwashe yana nan tsaye. Safar hannu da takalmin roba dole ne, akwai fasassun kwalabe da tsofaffin allurai a ciki. Wanda ya yanke ya wanke da ruwa da sabulu nan take, ya tafi gidan likita a duba maganar allurar rigakafi. Kuma kada kowa ya shiga cikin rufaffen kwalbati, ko da ya ga abin da ya toshe shi da idonsa. Iskar ciki na iya sumar da ƙato. A jawo da doguwar ƙugiya daga waje.

Na biyu shi ne bin gida-gida, kuma a nan zan daɗe, don rai ne a ciki. Daga Yuli zuwa Oktoba, wata-wata, ana ba yara masu wata 3 zuwa wata 59 maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro. Ma'aikatan lafiya ne ke horar da masu rabawa, ba wanda zai taɓa magani sai ya yi wannan horo. Amma kowa a rukunin nan ya san yadda abin yake, don ku ne za ku yi wa iyaye mata bayani. Maganin na kwana uku ne. Na ranar farko ana ba yaro a gaban mai rabawa. Na rana ta biyu da ta uku ana barin wa uwa. To a nan ake samun matsala: uwa ta ga yaro lafiya ƙalau, sai ta ɓoye sauran ƙwayoyin ta ce sai ranar da jikinsa ya yi zafi, ko ta raba wa yayansa. Kariyar ba ta cika sai an sha duka ukun. Aikinku shi ne ku koma gidan a rana ta biyu da ta uku, ku ce a nuna muku fakitin. Idan yaro ya amayar cikin rabin awa, a sanar da mai rabawa. Yaron da aka tarar da zazzaɓi ba a ba shi wannan magani, gidan likita ake kai shi a gwada jininsa. Kuma maganin ba ya maye gurbin sange, ku duba ko an rataya shi, ko yana ninke a cikin akwati.

Tare da wannan za ku riƙe ma'aunin damtse, wannan ɗan zaren mai launi uku, don yara masu wata 6 zuwa wata 59. Hannun hagu ake aunawa. A lanƙwasa gwiwar hannu, a nemo tsakiya tsakanin kafaɗa da gwiwar, sannan a saki hannun ya miƙe a zagaya ma'aunin. Kada a matse har fata ta tattare, kada a bar shi sakwa-sakwa. Kore lafiya. Rawaya, daga santimita 11.5 zuwa 12.5, yaro ya fara ramewa, a kai shi a duba. Ja, ƙasa da 11.5, tamowa ce mai tsanani, a ranar za a kai shi, ba gobe ba. Sannan ku danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa, ku ƙirga uku a hankali. Idan wurin ya lotsa bai dawo ba, kumburi ne, shi ma a ranar za a tafi ko da ma'aunin ya nuna kore.

Akwai wata yarinya daga Kara-Kara, tana cikin waɗanda za su koya muku, ga ta can da farin hijabi. Ta auna wani yaro ɗan shekara ɗaya da rabi ya faɗa ja. Uwar ta ce haƙori yake fitarwa, kuma maigida ba ya nan, ba za ta fita ba da izininsa ba. Yarinyar ba ta yi gardama ba, ba ta kuma tsoratar da ita ba. Ta je ta sami kakar yaron, ta nuna mata ma'aunin a hannun wani jikanta mai lafiya, sannan a hannun wannan. Tsohuwa ta ga bambancin da idonta, ita ta kira ɗanta a waya, ita ta goya yaron. Yau yana gudu a lungu. Ku lura da abin da ta yi: ta nemo wanda ake jin maganarsa a gidan. Haka za ku yi. Ku fara da gaida mai unguwa, ku yi sallama ku jira a amsa, samari su tsaya a zaure, ƴan mata su shiga ciki. Abin da kuka gani a gidan mutane ya tsaya a takardarku, kada ya kai majalisar shayi, kada a ɗauki hoton ɗan kowa.

Na uku, dashen itace. Ranar 3 ga Agusta kowa na dasawa, amma ku zagaya a watan Afrilu ku ƙirga waɗanda suka rayu. Wani rukuni ya dasa sittin a bakin hanya, aka yi tafi aka watse, awaki suka gama da su kafin kaka. Wani yaron tela a Birni kuwa biyar kawai ya roƙa. Ya dasa su kusa da shagonsu, ya kewaye kowanne da ƙaya da tsofaffin tubala, kullum ruwan alwalar masu shagon a gindinsu yake ƙarewa. Duka biyar suna nan, har an fara ɗaure babur a inuwar ɗaya. Don haka bana ba mu ba kowa fiye da biyar, kuma kowane itace da sunan mai shi a littafinmu. Rami santimita 40 faɗi, 40 zurfi. A ware ƙasar sama, a gauraya ta da ruɓaɓɓen taki, ita za ta fara komawa ramin. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma jawo gara. A yanke gindin ledar, a tsaga gefenta a cire gaba ɗaya ba tare da ƙasar ta warwatse ba, don wanda aka binne da leda saiwarsa nannaɗewa take yi. A dasa da marece bayan an yi ruwa mai kyau, a bar ɗan kwari a gindi. Kewaye kuma a ranar ake yin sa. Dogon yaro a nisanta shi da katanga da rijiyar salga. Wanda iyayensa ke da gona ta wajen Mirriah ko Matameye, ya duba yadda manoma suka raya gawo ba tare da dashe ba, sun bar tohon da ya fito da kansa suna yi masa sassabe. Wannan ma za mu koya.

Sai ba da jini, wanda ba rukuni ba ne, kowa na iya shiga. Damina ita ce lokacin da yara masu zazzaɓi suka fi buƙatar ƙarin jini. Mai shekara 18 zuwa sama, mai nauyin kilo 50 aƙalla, mai lafiya, zai iya bayarwa. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, jiki kuma yana mayar da shi. A ci abinci kafin a je, a sha ruwa sosai. Wani ɗan kabu-kabu daga Garin Malam ya daɗe yana jin tsoro, wai ƙarfinsa zai tafi. Ya bayar da safe, ya huta ranar, washegari yana kan babur ɗinsa. Yanzu shi ke kawo abokansa.

To ga abin da za ku yi kafin ku tashi. Akwai tebur uku a bakin ƙofa, na magudana, na gida-gida, na itace. Ka zaɓi ɗaya, ka rubuta sunanka da unguwarku da ranakun da kake da hali. Kada ka rubuta Asabar alhali Asabar kana kasuwar Dole da babanka, faɗi gaskiya mu tsara da kai. Wanda bai iya rubutu ba ya faɗa a rubuta masa, shebur da ma'aunin damtse ba su tambayar takardar lakwal. Wanda bai kai shekara 18 ba, da ƴan matan da ke gaban iyayensu, su karɓi takardar izini su kai gida. Ƴan magudana, ranar Asabar mai zuwa ƙarfe shida da rabi na safe a ƙofar gidan mai unguwar Zango, kowa ya karya kumallo kafin ya zo. Ƴan gida-gida, horonku Litinin da Talata a nan ɗakin, ƙarfe tara. Ƴan itace, ku fara zaɓen wuri da tara ƙaya tun wannan satin. Malam, a yi mana addu'a, sannan layin gaba su fara tashi.