Likita, zan iya ƙara tsawo kuwa?

Assalamu alaikum Likita, barka da aiki, ya marasa lafiya? Allah ya ba da lada.

Sunana Basiru, daga Aboabo nan Kumasi, shekarata 19 da wata huɗu. Maganar tsawo ce ta kawo ni, kar ka yi min dariya dan Allah. Tsawona santimita 165 ne, ni kuma soja nake so in shiga tun ina yaro, a takardar ɗaukan soja na ga namiji sai ya kai 168. Santimita uku kacal Likita, uku! Shi ya hana ni barci.

Ni ban girma da wuri ba gaskiya, abokaina duk muryarsu ta fashe tun muna 13, ni sai da na kai kusan 16, har yanzu ma gemun nawa ɗan tsiro ne a haɓa. Akwai bangon ɗakinmu da nake sa alama da fensir, daga 17 zuwa 18 na ƙaru da santimita biyu, amma daga babbar sallar bara zuwa yau alamar ko motsi ba ta yi ba. Da asuba in na auna ina kusa da 166, da yamma in na dawo daga shagon kawuna a Kejetia sai in koma 165, wai na gajarce kenan ko me?

Babana 170 ne, mamana 155. Wata 'yar makwabtanmu mai karatun nas ta ce a haɗa su a ƙara 13 a raba biyu, ya ba da 169, wai wajen nan ya kamata in tsaya, ko sama kaɗan ko ƙasa. Ita ce kuma ta ce akwai guringuntsi a bakin ƙasusuwa inda tsawo ke fitowa, in ya rufe shikenan, kuma ana ɗaukan hoton ƙashin hannun hagu a gani. To wannan hoton nake so, za ka iya rubuta min? Kuma katin inshorar lafiya zai biya ko sai na nemi kuɗi?

Abinci dai ina ci, koko da ƙosai da safe, shinkafa da wake da ƙwai da rana, tuwo da dare. Barci ne ba na samu sosai saboda waya, wannan laifina ne na yarda. Kullum ina rataye a ƙarfen gola bayan ƙwallo har hannuna ya yi kanta.

Wani abokina yana ta matsa min in sayi wasu ƙwayoyi sidi 250, wai wata uku zan ga canji. Shi mai sayarwan ma bai kai ni tsawo ba, shi ya sa ban saya ba. Allurar sinadarin girma fa, tana aiki a shekaruna ko tana da illa?

In ƙofar ta rufe ka faɗa min kai tsaye Likita, kawu na so in zauna shago gaba ɗaya kuma na ce ya ba ni zuwa ƙarshen wata.

Na gode,
Basiru