Bayanin yarjejeniyar hayar gida mai lamba 14, sashen sama: daga mai gida zuwa ga ɗan haya

9 ga Fabrairu, 2026

Assalamu alaikum, Malam.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ga takardar yarjejeniyar nan na aiko maka, kwafi biyu, shafi biyar kowanne. Ranar da ka zo duba gidan ka ce in kawo kawai ka sa hannu, tunda ka yarda da ni. Na gode da wannan kyakkyawan zato, amma ban so mu yi haka ba. Ka riƙe takardar mako guda, ku karanta tare da maiɗakinka, in kana da lauya ko wani masani ka nuna masa. Abin da na rubuto a nan bayani ne na sassan da na san a kansu ake yawan samun saɓani. Takardar da za mu sa wa hannu ita ce hujja, don haka duk inda ka ga maganata ta bambanta da ita, ka nuna mini mu gyara tun yanzu.

Sashe na 1 da na 2 ba su da wuyar fahimta. Abin da ka kama shi ne sashen sama: ɗakin kwana biyu, falo, kicin, banɗaki biyu da wurin ajiye mota ɗaya. Tsakar gida da matakala na kowa ne, kai da mutanen ƙasa. Hayar ta shekara ɗaya ce, daga 1 ga Maris, 2026 zuwa 28 ga Fabrairu, 2027. Za ka biya sau biyu, rabi kafin ka karɓi makulli, rabi ranar 1 ga Satumba, kuma ba zan ƙara ko rage komai a tsakiyar wa'adin ba. Duk kuɗin da ka ba ni, ko ka ba wanda na aiko, kada ka bari ya bar hannunka sai da rasit.

Sai kuɗin ajiya, sashe na 4, wanda shi ne ya sa na zauna rubuta wannan wasiƙa. Ga yadda aka rubuta shi: "Ɗan haya zai ajiye wa mai gida kuɗi daidai da hayar wata ɗaya. Kuɗin nan mallakar ɗan haya ne, kuma za a mayar masa cikin kwana 21 bayan ya miƙa makulli, sai dai abin da aka cire saboda ɓarna ko bashi, tare da shaidar abin da aka kashe."

Ka lura da kalmar mallaka. Kuɗinka ne, amana ce a hannuna. Ba zan yi fenti da su ba, ba zan zuba su a wani gini ba, kuma kai ma ba za ka ce in riƙe su a madadin hayar watan ƙarshe ba, domin in an yi haka ranar fita babu abin da ya rage da za a gyara ɓarna da shi. Abu uku kaɗai zai sa in taɓa su: hayar da ba a biya ba, bashin wuta ko na ruwa da aka bari a kan mita, da ɓarnar da ta wuce tsufan yau da kullum.

Wannan na ukun ne ke buƙatar mu fahimci juna sosai. Duk gidan da mutane ke zaune a ciki sai ya tsufa. Fenti zai koɗe inda rana ke bugu, bayan kujera zai bar tabo a bango, mariƙin ƙofa zai yi sako-sako, famfo zai fara ɗiga don robar cikinsa ta cinye. Duk wannan nawa ne, kuɗin hayar da kake biya ya riga ya ɗauke shi, kuma ba ni da ikon cire maka komai a kansa. Amma gilashin taga da ya fashe, ƙofar da aka ɓalle don makulli ya ɓata, tayil ɗin da aka fasa da abu mai nauyi, ko bangon da aka huda wuri ashirin, wannan ɓarna ce. Ko a nan ɗin ma akwai adalci. Fentin falon ya shekara uku. Idan yaro ya zane bango guda, kuɗin gyaran bangon nan zan cire, ba zan sabunta gidan gaba ɗaya da aljihunka ba.

To, yaya za mu san abin da ka tarar da abin da ka ɓata? Shi ya sa na liƙa takardar duba gida a shafi na 5. Ranar Asabar, 28 ga Fabrairu, da ƙarfe 10 na safe, za mu zaga ɗaki bayan ɗaki, mu kunna kowane makunni, mu buɗe kowane famfo, mu ɗauki hoto, mu rubuta lambar da ke kan mitar wuta da ta ruwa. Na riga na rubuta abu uku da na sani: tsagewar tayil biyu a bakin ƙofar kicin, tabon tsohon yoyo a silin ƙaramin ɗaki (an gyara rufin bara, tabon ne ya rage), da sakatar tagar falo mai taurin kai. In ka ga wani abu cikin kwana 7 na farko, ka turo mini hoto a ƙara. Kada ka ji kunyar yawan ƙorafi a wannan rana. Na taɓa rabuwa da wani bawan Allah da ya yi shekara huɗu a sashen nan lafiya lau, muka ɓata a kan kwanon wanke hannu guda ɗaya, shi yana cewa a fashe ya same shi, ni ina cewa lafiyarsa ƙalau. Babu takarda, babu hoto. Har yau ban san wanda ke da gaskiya ba, kuma abin yana damuna.

Idan ka fita ranar 28 ga Fabrairu, 2027, kuɗinka za su iso gare ka kafin ƙarshen ranar 21 ga Maris, tare da lissafi a rubuce da rasit ɗin duk abin da na cire.

Sashe na 6 shi ne na notis. Mun yi wata uku ga kowannenmu. Ma'ana, in ba ka da niyyar sabuntawa, ko ni ina buƙatar gidan, dole takarda ta isa hannun ɗayan ranar 30 ga Nuwamba, 2026 ko kafin nan. Maganar baki a bakin ƙofa ba notis ba ce. A rubuta, a sa kwanan wata, wanda ya karɓa ya sa hannu a kwafi. Mun amince da saƙon waya ma, muddin an amsa cewa an gani. Ana fara ƙirga kwanakin daga ranar da takardar ta isa, ba ranar da aka rubuta ta ba. Idan zan ƙara kuɗin haya a shekara ta biyu, a cikin wannan wa'adi zan faɗa maka, don ka sami lokacin shawara.

Ka ce aikinka na iya ɗauke ka zuwa wani gari. Saboda haka na ƙara sakin layi na 6(c): bayan wata shida na farko, kana iya fita da notis na wata biyu, in mayar maka da hayar watannin da suka rage bayan cikar notis ɗin. Amma ba za ka sa wani a madadinka, ko ka ba da hayar ɗaki ɗaya, sai da yardata a rubuce.

Akwai abin da nake so ka sani ko da wata rana mun saɓa. Cikar notis ba ta ba ni ikon canza maka kwaɗo, ko yanke wuta da ruwa, ko fitar da kayanka waje. In har ta kai ga haka, kotu ce za ta raba mu. Kuma duk inda dokar haya ta wurin nan ta ba ka kariyar da ta fi ta takardarmu, dokar ce a sama. Haka sashe na 10 ya ce.

Gyara kuma yana sashe na 7. Jikin ginin nawa ne: rufi, bango, silin, wayoyin wuta da ke cikin bango, bututun ruwa, tankin sama, injin tura ruwa, sokawe da matakala. Ƙananan abubuwan da amfani ke cinyewa naka ne, kamar ƙwan fitila, makullin da ya ɓata, share magudana, da toshewar da ta samo asali daga abin da aka zuba. Man girki da ake juyewa a wurin wanke-wanke daskarewa yake yi a bututu, ƙunzugun yara kuwa ba ya narkewa a masai. Don Allah a kiyaye waɗannan biyun, domin mutanen ƙasa ne ke fara shan wahalarsu.

Babban abin da ke kanka shi ne sanar da ni da wuri. Ruwa ba ya jira. Ɗigon da mai gyaran famfo zai toshe cikin rabin awa, in aka bar shi wata biyu zai jiƙa bango, filasta ta kumbura, silin ɗin maƙwabcinka ya ruɓe. Idan ka faɗa mini ban zo ba, asarar tawa ce. Idan ka gani ka yi shiru, abin da shirun ya jawo zai hau kanka. Haka wuta: in ka ji warin ƙonewa a soket, ko na'urar da ke yanke wuta tana yawan faɗuwa, ka kashe babban makunni ka kira ni, kada a kawo wanda zai ɗaura waya ya tsallake ta. Faɗuwar tata gargaɗi ne.

Ni ma na ɗaure kaina da lokaci. Abin gaggawa, wato fashewar bututu, matsalar wuta mai haɗari, yoyon rufi ko ƙofar waje da ta ƙi rufuwa, zan turo mai gyara cikin awa 48. Sauran kuma cikin kwana 14. In lokacin ya wuce ban motsa ba, ka sake rubuto mini sau ɗaya, sannan ka kira ƙwararre ya gyara, ka kawo rasit a cire daga haya ta gaba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ka riƙe hayar gaba ɗaya saboda gyara, ko ka yi babban aiki ban sani ba ka kawo mini lissafi. Fasa bango don sa na'urar sanyaya ɗaki, ko canza launin fenti, a tambaye ni tukuna. Da wuya in hana.

Ina da makulli ɗaya na ƙofarka, amma daga ranar da ka tare gidan ya zama sirrinka. Ba zan shiga ba sai na sanar da kai awa 24 kafin lokaci, sai fa in gobara ce ko ruwa na ambaliya ba kowa a ciki.

Ka zo da shaida ɗaya ranar Asabar ɗin, ni ma zan zo da nawa. Za mu sa hannu a kowane shafi bayan mun gama zagaya gidan, ka riƙe kwafi ɗaya, in riƙe ɗaya. Duk layin da bai kwanta maka ba, ka ja masa layi da fensir ka kira ni kafin 16 ga wata, don a sami damar sake bugawa. A gaida mini iyali.

Naka,
Mai gida, lamba 14